Tambayoyi da Amsoshi Kan Kuɗin Tsaro na Wata-Wata a Unguwarmu

Assalamu alaikum iyayenmu da 'yan'uwa mazauna unguwa. Tun lokacin da aka sanar da sabon kuɗin tsaro na wata-wata, tambayoyi suke zuwa mini a matsayina na mai kula da zauren WhatsApp na unguwa, wasu a bainar jama'a, wasu kuma a keɓe. Na tattara waɗanda aka fi maimaitawa, na zauna da shugaban kwamiti da ma'aji muka daidaita amsoshinsu, domin duk wanda ake neman kuɗi a hannunsa yana da haƙƙin sanin yadda aka kai ga adadin da kuma inda kuɗin yake tafiya. Bayanin ya shafi layukanmu uku da ke ɓangaren titin Bauchi a ƙaramar hukumar Jos ta Arewa kaɗai, domin kowace unguwa da nata tsarin.

Wane ne ya yanke wannan kuɗi? Mai kula da zaure ne?

A'a. Mai kula da zaure ba shi da ikon ɗora wa kowa ko sisin kwabo, aikinsa isar da saƙo da tunatarwa ne kawai. An yanke adadin ne a taron magidanta da aka yi a ƙofar gidan mai unguwa, inda aka gayyaci masu gidaje da 'yan haya da masu shaguna, aka karanta lissafin abin da ake kashewa, aka yi muhawara, sannan aka amince da rinjaye. Sakatare ya rubuta abin da aka zartar, waɗanda suka halarta sun sa hannu, kuma takardar tana wurin mai unguwa ga mai son dubawa. Duk wani sauyi a nan gaba sai ya bi ta irin wannan taro, don haka idan kun ga saƙo a zaure yana cewa an ƙara kuɗi ba tare da an ambaci taron da ya yanke hakan ba, kada ku biya.

Nawa ne kuɗin, kuma ta yaya aka kai ga wannan adadi?

Kwamiti ya fara ne da lissafa abin da aikin yake ci a wata, daga baya ya raba wa masu biya. Muna da 'yan sintiri shida, kowanne yana karɓar alawus na naira 35,000, wato naira 210,000 ke nan, sannan shugabansu yana da ƙarin naira 5,000 saboda shi ne yake riƙe da littafin aiki da mabuɗin ƙofa. An ware naira 1,000 a kowane dare domin shayi da burodi da gawayin jin ɗumi, wanda ya kama naira 30,000 a wata. Cajin tocila da sauya waɗanda suka lalace da katin waya suna cin naira 10,000. Daga ƙarshe akwai naira 25,000 da ake ajiyewa domin abin da ba ya zuwa kullum, irin su rigunan ruwa da takalman roba kafin damina, rigunan sanyi kafin hunturu, gyaran ƙofar ƙarfe, da kuɗin magani idan ɗan sintiri ya ji rauni a bakin aiki. Jimilla naira 280,000 ce a kowane wata.

A ɓangaren masu biya kuwa, ƙidayar da aka yi gida-gida ta nuna akwai gidaje 60 da iyali ɗaya ke zaune a cikinsu, da iyalai 110 da ke haya a gidajen da ake zama da yawa, da kuma shaguna 24. An sa wa rukunin farko naira 2,500, rukuni na biyu naira 1,000, shaguna kuma naira 3,000. Idan kowa ya biya za a tara naira 150,000 da naira 110,000 da naira 72,000, wato naira 332,000.

Mai lura zai ga cewa wannan ya zarce abin da ake buƙata da naira 52,000, kuma wasu sun riga sun tambaya ko rarar tana shiga aljihun wani ne. Gaskiyar maganar ita ce babu watan da kowa yake biya. Akwai ɗakin da mai haya ya tashi ba a sa wani ba, akwai wanda ya yi tafiya, akwai wanda albashi ya yi masa jinkiri. Saboda haka kwamiti ya gina lissafinsa a kan cewa kashi 85 cikin ɗari ne zai shigo, wanda ya kama naira 282,200, kuma wannan ya ɗara abin da ake kashewa da naira 2,200 kacal. Da an yi lissafin a kan cewa kowa zai biya, da tun watan farko za a ci bashin 'yan sintiri.

Me zai faru idan abin da aka tara bai kai haka ba?

A ɗauka cewa kashi 70 cikin ɗari ne ya shigo. Wannan naira 232,400 ne. Idan aka cire alawus na naira 215,000, abin da zai rage naira 17,400 ne, wanda ba zai kai kuɗin shayi da gawayi zuwa ƙarshen wata ba, balle caji da ajiya. A watan farko za a ɗebo daga ajiyar gaggawa a cike, a wata na biyu ajiyar ta ƙare, a na uku kuma sai a fara biyan alawus rabi-rabi. Daga nan ne tsarin tsaron unguwa yake fara lalacewa, kuma yana da alamun da ake gane shi da su: usur ɗin da aka saba ji bayan kowace sa'a sai ya koma sau biyu a dare, mutum uku da ya kamata su zaga sai su koma zama wuri ɗaya, wanda ya fi kowa ƙwazo sai ya samu aikin gadi a wani gida ya tafi. Mafi muni shi ne ɗan sintirin da yake bin bashin albashinsa ya fara karɓar na goro a ƙofa daga hannun duk wanda ya zo cikin dare, domin daga ranar da ya fara haka ya daina tambayar kowa inda za shi. Wannan ne dalilin da ya sa nake yawan tunatarwa a farkon wata, ko da yake na san maimaita saƙon yana gundurar wasu.

Me ya sa ba a sa wa kowa kuɗi ɗaya ba?

An tattauna wannan sosai a taro. Idan aka raba naira 332,000 daidai a tsakanin masu biya 194, kowa zai ba da kimanin naira 1,700. Hakan yana nufin mai ɗaki ɗaya da ke haɗa bayi da iyalai biyar zai biya daidai da mai gida sukutum da mota a ciki, kuma wannan ba adalci ba ne. An duba yawan dukiyar da ake tsarewa da kuma ƙarfin mai biya. Shago ya fi kowa biya domin shi ne ake rufewa a tafi a bar shi babu kowa tun daga dare har safiya, kuma a kansa ne 'yan sintiri suke yawan tsayawa suna duba kwaɗo.

Ni ɗan haya ne. Ashe ba mai gida ne ya kamata ya biya ba?

Mai zama a ɗaki shi ne yake biya, domin shi da iyalinsa da kayansa ake tsarewa, kuma yawancin masu gidajen haya ba a unguwar suke kwana ba. Idan akwai yarjejeniya tsakaninku da mai gida cewa kuɗin tsaro yana cikin kuɗin haya, to ku sanar da sakatare tare da lambar da za a same shi, kwamiti zai tuntuɓe shi kai tsaye. Idan ya tabbatar, za a rubuta sunansa a kan dukkan ɗakunan gidan, ba za a sake tambayarku ba. Idan ya musanta, kwamiti ba zai shiga tsakaninku ba, domin wannan magana ce ta haya wadda mai unguwa yake sasantawa. Mai gidan da ke zaune a cikin gidansa tare da 'yan haya yana biyan naira 2,500 na ɓangarensa, su kuma kowane iyali ya biya naira 1,000. Ɗakin da babu kowa ba a biya masa komai.

Me ya sa aka ƙara kuɗin alhali kowa yana kukan tsadar rayuwa?

Domin 'yan sintirin ma suna cikin masu kukan. A tsohon tsari ana biyan naira 1,500 da naira 500 da naira 2,000, ɗan sintiri kuma yana karɓar naira 20,000. Tun bayan janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 farashin abinci da na sufuri ya tashi, har wannan alawus ya zama ba ya riƙe magidanci ko na mako biyu. A shekarar 2024 gwamnatin tarayya ta mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000. Ko da yake dokar ba ta hau kan wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba, tana nuna mana inda muke: ko bayan ƙarin da aka yi, rabin wannan adadi muke ba mutumin da ke tsaye a waje daga ƙarfe goma na dare zuwa kiran sallar Asuba. Duk wanda ya san sanyin Jos a watan Disamba da Janairu, ko ruwan watan Agusta da ke iya kwana yana zuba, ya san wannan aiki ba ƙarami ba ne. A ra'ayina abin da muke ba su bai kai haƙƙinsu ba, iyakar ƙarfinmu ke nan a yanzu.

Tsaro ba aikin gwamnati ba ne? Me ya sa za mu biya kuma?

Aikin gwamnati ne, kuma sashe na 14 na tsarin mulkin 1999 ya faɗi cewa tsaro da jin daɗin jama'a su ne babban dalilin kafa gwamnati. A Filato akwai 'yan sanda, akwai jami'an Sibil Difens, akwai rundunar haɗin gwiwa ta sojoji, akwai kuma Operation Rainbow ta gwamnatin jiha. Sai dai waɗannan suna fuskantar manyan al'amura ne a faɗin ƙananan hukumomi 17, kuma babu ofishin 'yan sandan da zai iya ajiye jami'i a kowane lungu har gari ya waye. Abin da ke damun layukanmu a kullum ƙananan laifuka ne: fasa shago, cire batirin mota ko na Keke Napep, yanke wayar wuta, ɗauke injin jan ruwa ko tunkiya, ƙwacen waya a hannun mai dawowa da dare. Irin waɗannan ana yin su ne cikin mintuna kaɗan, kuma abin da ke hana su shi ne ɓarawo ya san akwai mai ido biyu da ya san fuskar kowa a layin. Aikin 'yan sintirinmu shi ne su gani, su busa usur, su tashi maƙwabta, su kira hukuma. An kai sunayensu da hotunansu ofishin baturen 'yan sanda na yankinmu, kuma kowannensu yana da dattawa biyu na unguwa da suka tsaya masa.

Yaya aikin nasu yake a kowane dare?

Kowannensu yana hutawa dare ɗaya a mako, don haka mutum biyar ne suke aiki a darare shida, a dare na bakwai kuma su fito duka. Biyu suna zama a babbar ƙofa, sauran suna zagaya layukan tare, domin ba a yarda ɗan sintiri ya yi yawo shi kaɗai ba. Ana rufe ƙaramar ƙofa da ƙarfe goma sha ɗaya, mabuɗi ɗaya yana hannun shugaban sintiri, ɗaya a gidan mai unguwa. Babbar ƙofa ba a sa mata kwaɗo, saboda mai naƙuda ko marar lafiya kada a tsaya neman mabuɗi. A duk zagaye suna rubuta lokaci a littafin aiki, sannan akwai gidaje uku a ƙarshen kowane layi da aka rataye ƙaramin littafi a jikin bangonsu, inda suke sa hannu domin a tabbatar sun iso can.

Ta wace hanya zan biya, kuma yaushe?

Ana biya daga ranar 1 zuwa ranar 7 ga wata, saboda ana sallamar 'yan sintiri a ranar 10. Hanya biyu ce kawai. Ta farko ita ce tura kuɗi zuwa asusun banki da ke ɗauke da sunan ƙungiyar unguwa, wanda lambarsa take rubuce a allon babbar ƙofa. Idan za ku tura, ku rubuta lambar gida da watan da kuke biya a wurin bayani, musamman idan ta hannun mai POS kuka tura, domin sunansa ne zai fito a banki, kuma ma'aji ba zai san na wane ne ba. Ta biyu ita ce ba da kuɗi hannu ga wakilin layinku, wanda zai yanka muku rasit nan take. Rasit ɗin yana da lamba a jere da hatimin kwamiti, kuma kwafinsa yana zama a cikin littafi. Kada ku karɓi uzurin cewa littafi ya ƙare za a kawo rasit gobe; ku riƙe kuɗinku har goben.

Ba a biyan kuɗin a hannun 'yan sintiri, ba a kuma tura shi asusun wani mutum, ko da ni ne ko shugaban kwamiti. Hoton shaidar turawa da kuka aiko ba ya zama biya sai ma'aji ya ga kuɗin a bayanin asusu, saboda ana iya ƙirƙirar irin wannan hoto, kuma wani lokaci banki yana mayar da kuɗin bayan an tura.

Na ga saƙo daga lambar mai kula da zaure cewa an sauya asusu. Gaskiya ne?

Ba za a taɓa sanar da sauya asusu ta saƙon waya kaɗai ba. 'Yan damfara suna da wata hanya da ta yaɗu: su kira mutum su ce akwai taron ƙungiya da za a yi ta intanet, su nemi ya karanto musu lambobi shida da aka turo masa. Waɗannan lambobi su ne mabuɗin WhatsApp ɗinsa, kuma da zarar ya faɗa sun ƙwace shi, sai su shiga tura saƙo da sunansa da hotonsa suna neman kuɗi. Masu kula da zaure su ne aka fi nema, domin maganarsu ake yarda da ita. Idan kun ga irin wannan saƙo, ku kira ni ta layin waya ku ji muryata, ko ku duba allon ƙofa. Ina kuma roƙon kowa ya shiga saitin WhatsApp ya kunna Two-step verification, sannan kada ya faɗa wa kowa lambobin da aka turo masa.

Idan ba ni da halin biya fa?

Akwai gidaje 14 da kwamiti ya yafe musu gaba ɗaya, kuma ba sa cikin lissafin da na kawo a sama. Sun haɗa da matan da mazajensu suka rasu suka bar musu marayu, tsofaffin da ba su da mai ɗaukar nauyinsu, da gidajen da mai nema yake kwance da doguwar jinya. Mai unguwa da shugaban kwamiti da ma'aji ne kaɗai suka san sunayensu, kuma ana tsare gidajensu kamar na kowa. Wanda kuma matsalarsa ta ɗan lokaci ce, kamar jinkirin albashi ko tsayawar kasuwa, ya samu wakilin layinsa a keɓe kafin ranar 7 ya faɗa masa, za a ɗaga masa ko a karɓi rabi. Abin da ke wahalar da kwamiti shi ne shiru, domin wanda ya yi shiru ana lissafa kuɗinsa cikin abin da ake sa ran samu. Ƙofa kuma a buɗe take ga mai hali da yake son biya wa maƙwabcinsa ba tare da an ambaci sunansa ba.

Wanda yake da hali ya ƙi biya, me za a yi masa?

Wannan kuɗi gudummawa ce da mazauna suka amince da ita a tsakaninsu. Haraji gwamnati ce kaɗai take sa shi bisa doka, don haka kwamiti ba shi da ikon tilasta kowa. Ba za a hana mutum shiga ko fita ta ƙofa ba, domin titin na jama'a ne kuma sashe na 41 na tsarin mulki ya ba kowa 'yancin zirga-zirga. Ba za a ƙwace kayansa ba, ba za a rufe shagonsa ba, ba za a tura masa matasa ƙofar gida ba. Wasu sun nemi a riƙa wallafa sunayen waɗanda ba su biya ba a zaure domin kunya ta sa su biya, amma kwamiti ya ƙi, ni ma ina tare da kwamiti a kan haka. Jerin sunaye ba ya bambanta wanda ya ƙi da wanda ya kasa, kuma mutumin da aka tozarta a gaban mutum ɗari biyu da wuya ya sake sa hannu a wani aikin unguwa.

Abin da ake yi shi ne wakilin layi ya tunatar sau biyu. Idan an kai wata biyu, dattawa biyu su je su same shi a gida su ji dalilinsa, domin sau da yawa akwai ƙorafin da bai samu inda zai faɗa ba, wataƙila 'yan sintiri ba sa isa bayan gidansa, ko wani ya yi masa magana marar daɗi a ƙofa. Idan an kai wata uku sai a kai maganar gaban mai unguwa. Wanda ake bin sa bashin wata uku ba tare da uzuri ba yana rasa damar jefa ƙuri'a ko tsayawa takara a zaɓen kwamiti har sai ya biya. Haka kuma an umarci 'yan sintiri kada su tsallake gidan kowa, domin ɓarawon da ya samu shiga gida ɗaya ta katanga zai faɗa na kusa da shi.

Me 'yan sintiri suke da ikon yi idan sun kama wani?

Doka ta yarda mutumin da ba jami'i ba ya kama wanda ya gani yana aikata laifi, da sharaɗin ya miƙa shi ga 'yan sanda ba tare da ɓata lokaci ba. A nan ikonsu ya tsaya. Ba su da izinin duka, ko ɗaure mutum har safiya domin ya amsa laifi, ko cin tara, ko shiga gidan wani bincike. Dokar hana azabtarwa ta 2017 ta haramta gallaza wa mutum domin a tilasta shi yin ikirari, kuma wanda ya bugi wanda ake zargi har ya raunata shi ko ya kashe shi zai amsa laifinsa shi kaɗai a gaban kotu, sunan kwamiti ba zai kare shi ba. Kayan aikinsu tocila ne da usur da sanda da waya. Kuɗinku ba ya sayen bindiga ko wani makami, kuma ba zai saya ba.

A garin da ya ga rikicin 2001 da na 2008 da na 2010, dole mu yi taka-tsantsan da duk abin da zai mayar da tsaron unguwa rundunar wani ɓangare. A layukanmu akwai Musulmi akwai Kirista, duk suna biya, duk ana tsare su, kuma duk suna da wakilci a kwamiti. Ba a tsayar da baƙo saboda addininsa ko ƙabilarsa. Ana tambayarsa gidan da za shi ne, a kira mai gidan ko a raka shi. Idan gwamnati ta sa dokar hana fita, 'yan sintirinmu ma tana kansu, ba sa wuce ƙofar layi. Idan kuma aka ji ihun ɓarawo, ina roƙon iyaye su riƙe matasansu, domin taron da ya fusata ba ya tsayawa tantance mai laifi.

Na biya, amma an yi mini sata. Kwamiti zai biya ni?

A'a, asusun ba shi da ƙarfin biyan diyya, kuma ba a kafa shi domin haka ba. Abin da kuke da haƙƙi a kai shi ne bincike. Ku sanar da wakilin layi da safe, ku kai rahoto ofishin 'yan sanda, wani daga kwamiti zai raka ku. Kwamiti zai duba littafin aiki da na jikin bango a ga ko an yi zagaye a lokacin, a tambayi maƙwabta ko sun ji usur. Idan ta tabbata ɗan sintiri barci ya yi ko ya bar wurin aiki, za a yanke masa alawus na wannan dare tare da gargaɗi a rubuce, idan ya maimaita a sallame shi. Idan kuwa akwai alamar haɗin baki, to maganar ta 'yan sanda ce, kuma za a kira dattawan da suka tsaya masa.

Ta yaya zan tabbatar ba a cin kuɗin?

Kada ku dogara da cewa mutanen kirki ne suke riƙe da shi, ku dogara da takardu. Ba a fitar da kuɗi daga asusun sai da sa hannun mutum biyu cikin uku, wato shugaba da ma'aji da sakatare. Mai karɓar kuɗi daban, mai ajiya daban, mai bincike kuma ba ya cikin kwamiti. A ranar 15 ga kowane wata ana sa rahoto a zaure da kuma allon ƙofa, yana nuna abin da kowane layi ya tara, abin da aka kashe da abin da ya rage, tare da bayanin asusu daga banki bayan an rufe sunayen masu turawa.

Akwai gwaji mai sauƙi da kowa zai iya yi. A haɗa ragowar watan jiya da abin da aka tara a wannan wata, a cire abin da aka kashe da ɗan abin da banki ya cira na hidimarsa, abin da ya fito dole ya yi daidai da abin da ke cikin asusu. Misali, idan an shigo da ragowar naira 40,000, aka tara naira 285,000, aka kashe naira 255,000, to ya kamata a ga naira 70,000 ban da cajin banki. Abubuwan da ya kamata su sa ku tambaya su ne lambobin rasit da suka yi tsalle ba tare da an nuna wanda aka soke ba, kashe kuɗi da aka rubuta da sunan "sauran abubuwa" babu bayani, kuɗin hannu da ya kwana fiye da biyu ba a kai banki ba, da kuma rahoton da ya makara. Kuna iya tambayar ɗan sintiri ma kai tsaye ko an biya shi cikakke kuma a kan lokaci. Babu ɗan kwamitin da yake karɓar alawus, ni ma haka.

Kuɗin ya haɗa da kwashe shara da yashe magudanar ruwa?

Bai haɗa ba. An raba su da gangan, domin idan aka haɗa asusu ɗaya, duk watan da kuɗi ya gaza sai a rasa wanda za a fara sallama. Kwashe shara a cikin gari yana ƙarƙashin hukumar kare muhalli da tsafta ta jiha, wato PEPSA, kuma kowane gida yana ci gaba da tsarinsa da masu kwashe masa. Yashe kwata kuwa aikin gayya ne da muke yi kafin ruwan farko a watan Afrilu, inda ake neman gudummawa sau ɗaya domin hayar motar da za ta kwashe abin da aka fitar. Waɗanda suka shaida ambaliyar Yulin 2012 a Rikkos da maƙwabtanta sun san dalilin da ya sa ba ma wasa da wannan aiki, kuma za a kira taro na daban a kansa.

Zan yi doguwar tafiya, ko zan tashi daga unguwar. Me ya kamata in yi?

Mai tafiya yana ci gaba da biya muddin kayansa suna cikin gidan, kuma yana iya biyan watanni da yawa a lokaci ɗaya a ba shi rasit na kowane wata. Ya sanar da shugaban sintiri a keɓe domin a ƙara sa ido, kada ya rubuta a zaure cewa gidansa babu kowa. Mai tashi gaba ɗaya ya sanar da wakilin layi kafin ƙarshen wata domin a cire sunansa daga lissafi, idan kuma ya riga ya biya na watannin gaba za a mayar masa da su ta asusunsa cikin mako ɗaya.